Darasin faranti mai kwatan zango, a karanta kafin lab na ranar Talata

Assalamu alaikum 'yan aji uku. Satin jiya mun tsaya kan hasken da ya ratsa folaraiza, wanda filin lantarkinsa ke kai-komo kan layi ɗaya miƙaƙƙe. Yau shi za mu sa ya riƙa juyawa, kuma don Allah a bi a hankali, nan ne ake zubar da maki a jarabawa.

Farantin nan siririn yanki ne na kiristal, kwaz ko maika, yana da layi biyu a giciye, layin sauri da layin jinkiri, domin lambar karkata haske ba ɗaya ba ce a kansu. In haske ya shiga sai filin ya rabu biyu, kaso ɗaya ya bi layin sauri ɗaya ya bi na jinkiri, tare suka shiga amma ba za su fito tare ba. Tazarar da ke shiga tsakaninsu:

```
δ = 2π d (n_e − n_o) / λ
```

Ana yanka kaurin d ne yadda δ zai zama π/2, wato ɗaya ya rigayi ɗayan da kwatan tsawon zango.

To ga inda nake so ku natsu. Jinkirin shi kaɗai bai isa ba, dole kaso biyun su zo daidai wa daida a girma, kuma hakan ba ya samuwa sai layin folaraiza ya yi digiri 45 da layin sauri. A nan ne, in muka kira kaso biyun Ex da Ey, za ku samu

```
Ex = A cos(ωt),  Ey = A sin(ωt)
Ex² + Ey² = A²
```

lokacin da Ex ya cika Ey sifili ne, da Ex ya fara raguwa Ey na hawa, tsawon kibiyar filin bai canza ba alkiblarta ce kawai ke zagayawa, kamar hannun agogo, bakinta na zana da'ira. In kun sa digiri 30 da'irar za ta fito a matse, in sifili ne ko 90 hasken zai fita miƙaƙƙe yadda ya shiga. Ku juya farantin da digiri 90, juyin dama ya koma na hagu.

A kwaz, da hasken sodiyom mai nanomita 589, n_o = 1.544 ne, n_e = 1.553. Ku lissafa, d zai ba ku kusan maikuromita 16, ya fi gashin kai siranta, shi ya sa ake yin mai kauri da jinkirin (m + 1/4)λ, inda m cikakkiyar lamba ce. Kuma farantin da aka yanka don 589 ba zai ba da cikakkiyar da'ira da leza mai 633 ba.

A lab za ku juya analaiza, wato folaraiza na biyu da ke bayan farantin, ku ga hasken bai ƙaru ba bai ragu ba. Kar ku yi saurin rubuta cewa kun samu da'ira, hasken kwan fitila ma haka yake yi. Ku sa faranti mai kwatan zango na biyu kafin analaiza, in mai juyawa ne zai koma miƙaƙƙe har ku sami wurin da ya ɗauke ɗif. Kowa ya zo da lissafin d na 633 a rubuce, ku ɗauki bambancin lambobin a 0.009.