Takardar neman ɗage zangon karatu na huɗu saboda rashin lafiya

Madawa, Litinin 10 ga Fabrairu 2025

Daga Sanusi Mahamman Lawali, ɗalibin shekara ta biyu ta lisans, sashen tattalin arziki da gudanarwa, Tsangayar Shari'a, Tattalin Arziki da Gudanarwa.

Zuwa ga Maigirma Magatakarda, shugaban ofishin sikolarite, Jami'ar Jibo Hamani ta Tawa, ta hannun shugaban tsangaya.

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina roƙonku da ku yarda mini in ɗage zangon karatu na huɗu zuwa shekarar karatu mai zuwa, saboda likita ya tabbatar ina ɗauke da tarin fuka, wanda ake kira tibi, kuma ina kan magani na wata 6. Na so in zo da ƙafata in yi muku bayani, amma jiki bai ba ni ba. Yayana Ibrahim ne zai miƙa wannan takarda da sauran shaidu a ofishinku.

Tarin ya fara mini ne a watan Nuwamba, lokacin da iskar hunturu ta taso. Kusan kowa a aji yana tari a lokacin, don haka na ɗauka mura ce ta ƙura, na sayi magani a kanti na ci gaba da karatu. Da shi na zauna jarrabawar zango na uku. Sai dai mura ba ta wata biyu. Zazzaɓi ya riƙa zuwa mini da marece, da dare in jiƙe da gumi duk da sanyin da ake yi, abinci ya fita raina. Ranar da na ga jini a majina ne na san abin ya wuce wasa. A ranar 21 ga Janairu aka gwada majinata a babban asibitin jihar Tawa, aka ɗauki hoton ƙirjina, sakamako ya nuna cutar. Da aka ɗora ni a sikeli na tarar na sauka daga kilo 58 zuwa kilo 49. Na fara shan magani ranar 23 ga Janairu, daga nan aka mai da dosiyena asibitin Madawa domin in kasance kusa da iyayena.

Ina so in bayyana muku yadda maganin yake, domin a nan dalilin roƙona yake. Wata biyun farko ana shan haɗin magani iri huɗu kowace safiya kafin a ci komai, kuma a gaban ma'aikacin lafiya ake haɗiye shi, ya sa alama a kati. Bayan haka sai wata huɗu ana shan iri biyu. Za a sake gwada majina a ƙarshen wata na biyu, da wata na biyar, da ƙarshen na shida. Idan Allah ya sa komai ya tafi daidai, zan gama wajen 23 ga Yuli. Maganin kyauta ne, alhamdu lillahi, amma yana da nauyi a jiki. Yanzu haka gaɓoɓina na ciwo, tashin zuciya na kama ni bayan na sha, kuma daga ƙofar gida zuwa masallacin unguwa sai na tsaya na huta. Likita ya ja mini kunne sosai cewa wanda ya riƙa tsallake kwanaki ko ya yanke magani a tsakiya, ƙwayar cutar na iya daina jin maganin, daga nan sai jinya mai tsawo da ta fi wannan wahala. Na san halin karatunmu: darasi tun da sassafe, gwajin aji a jere, cin abinci yadda ta samu. Ina tsoron in haɗa biyu in rasa duka.

Akwai kuma haƙƙin 'yan uwana ɗalibai. Cutar ta iska take bi, kuma ni a ɗakin kwanan ɗalibai nake zaune tare da wasu, ga ajinmu a cike. An gaya mini cewa haɗarin yaɗa ta yana raguwa sosai bayan an yi makonni ana shan magani yadda ya kamata, to amma makonnin da na yi ina tari ban sani ba suna damuna har yanzu. Na kira abokan ɗakina na faɗa musu gaskiya, na ce su je a gwada su. Biyu sun je. Idan ofishinku zai iya sanar da ɗakin shan magani na jami'a domin a bi sauran, zan ji daɗi ƙwarai. Abin da nake roƙo kawai shi ne a yi haka ba tare da an liƙa sunana ko sunan ciwon a allon sanarwa ba, domin har yau akwai masu gudun mai tarin fuka ko bayan ya warke.

Game da karatuna, na ci zango na ɗaya da na biyu gaba ɗaya. A zango na uku na samu kiredi 26 cikin 30. Darasin lissafin kuɗin kamfani ne ya rage mini, wanda na rubuta cikin zazzaɓi. Ina roƙo a ajiye mini abin da na riga na ci, a ba ni dama in rama wannan darasi idan na dawo, sannan in shiga zango na huɗu tare da ajin da ke biye da mu. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kada a rubuta ni cikin waɗanda suka bar karatu ko suka faɗi, kada kuma rashin ganina a jarrabawa ya zama sifiri a takardar makina. Mahaifina manomin albasa ne, ni ne na farko a gidanmu da ya kai jami'a, kuma ba ni da niyyar barin ta sai da digiri a hannu.

Idan kun amince, ina neman a ba ni shaidar ɗagewar a rubuce, da sa hannu da tambari. Da ita zan je wa hukumar ANAB a kan maganar bursu ɗina, da ita kuma zan sanar da masu kula da ɗakunan kwana. Na riga na kwashe kayana, makullin yana hannun yayana, a ba wani gadon ya amfana kafin in dawo.

A cikin ambulan ɗin akwai takardar shaidar likita ta ranar 23 ga Janairu, wadda ta faɗi ciwon da tsawon jinyar, kuma ta ba da shawarar in huta daga karatu. Ita ce ta asali, sauran kwafi ne: sakamakon gwajin majina, bayanin hoton ƙirji, da katin shan magani, inda za ku ga ban tsallake ko kwana ɗaya ba tun da na fara. Na haɗa da kwafin katin ɗalibi, da rasit ɗin rajistar bana, da takardar makin zango ukun da na yi. Hoton ƙirjin kansa yana hannuna domin likita zai buƙace shi don kwatantawa nan gaba, amma idan kuna son likitan jami'a ya gani, Ibrahim zai kawo shi. Lambar wayata da tasa suna bayan ambulan.

Na ɗauki alkawarin aiko muku da sakamakon gwajin ƙarshen Maris da zarar ya fito, kuma ba zan dawo aji ba sai da takardar likita da ke shaida na warke.

Ina fatan za ku dubi roƙona da idon rahama. Allah ya ƙara girma, ya saka da alheri.

Ɗalibinku,
Sanusi Mahamman Lawali