Yadda ake sa wa'adin amsa gayyata da tunatarwar da ke sa a amsa

Wa'adin amsa gayyata daga baya ake lissafo shi. A fara tambayar mai abinci da masu zauren taro ranar da suke son adadin ƙarshe. A ce liyafar ranar Asabar 14 ga Disamba ce, su kuma suna son adadi ranar 7 ga wata. To, wa'adin baƙi ya zama Alhamis 28 ga Nuwamba. Kwana tara ɗin da ke tsakani na bibiyar waɗanda suka yi shiru ne. Duk wanda ya haɗa wa'adinsa da na mai abinci rana ɗaya, zai ƙare da ƙiyasi. Katin kuma ya fita kamar mako shida kafin taro. Idan ya wuce haka da yawa, sai a ajiye shi a manta.

Haruffan RSVP, masu nufin a amsa gayyata, su kaɗai a ƙasan kati ba sa motsa kowa. A rubuta haka:

"Don Allah a sanar da mu zuwa Alhamis 28 ga Nuwamba ko za a samu halarta. A amsa ta wannan lambar da EH ko A'A. Mun tanadar muku kujera 2."

Hanyar amsawa ɗaya tak, hannun mutum ɗaya. Lamba uku kan sa amsoshi su warwatse, a ƙirga wani sau biyu. Faɗin yawan kujeru kuma yana rage ƴan rakiya ba tare da an ɓata wa kowa ba. A guji "da wuri-wuri", domin wuri-wurin kowa daban ne.

Washegarin wa'adi sai tunatarwa, kowa shi kaɗai da sunansa ko laƙabinsa. Saƙon zauren WhatsApp, kowa ɗauka yake da wani ake.

"Salamu alaikum Yaya, ina wuni? Muna haɗa lissafin kujerun liyafar 14 ga Disamba, ban ga amsarki ba tukuna. Za ki samu zuwa? Ko ba zai yiwu ba, ba komai, a'a ma amsa ce. Zan rufe lissafi ranar Talata 3 ga Disamba, ƙarfe 6 na yamma. In ban ji daga gare ki ba, zan ɗauka ba ki samu dama ba."

Jimlar "a'a ma amsa ce" ita ce ta fi aiki, don yawanci kunyar ƙin zuwa ce ke sa mutum shiru. Kada a buɗe da ƙorafi irin "na turo ba ki amsa ba"; wanda aka kunyata ƙara ɓuya yake.

Manya ba a tura musu wannan, kira ake yi. Wanda kuma ya ce "zan duba", a tambaye shi ranar da zai tabbatar, a rubuta ta gefen sunansa, kada a sa shi cikin masu zuwa sai ya faɗa da bakinsa.