Waƙar Abacada da Kayan Gida

Ku taso yara, ku tafa hannu,
Mu bi haruffa sannu-sannu.

A, agogo, yana ta bugawa,
Ya ce mu tashi, gari na wayewa.

B, bokiti, a cika shi da ruwa,
Mu yi wanka fes kafin fitowa.

Ɓ, ɓawon lemo, kar a yar a hanya,
Kwandon shara, can za mu sanya.

C, cokali, ɗan ƙaramin baki,
D, darduma, shimfiɗe a ɗaki.

Ɗ, ɗankwali, Mama ta ɗaura,
Ya yi mata kyau, ta ƙara gyara.

E, eriya, can bisa rufi,
F, fitila, dare ya yi zurfi,
A kunna ta, duhu ya gudu,
Haske ya cika kusurwa huɗu.

G, gado, mai laushin katifa,
H, hula, Baba ya kafa.

I, igiya, ta shanyar kaya,
J, jaka, na goya a baya.

K, kujera, Kaka ta zauna,
Mun kewaye ta muna ta murna.

Ƙ, ƙofa, ƙwanƙwasa kafin ka shiga,
L, labule, rataye a taga.

M, madubi, wa na gani ciki?
Ashe ni ne, ina washe baki!

Ku ƙara tafi, ku ɗaga hannu,
Mu ci gaba dai sannu-sannu.

N, na'urar markaɗe mai ƙara,
Ta manya ce, ba wasan yara.

O, omo, a kaɗa ya yi kumfa,
Riga ta fita fes, har da safa.

R, rediyo, ya saki kiɗa,
Mu taka rawa muna rangwaɗa.

S, sabulu, kafin cin abinci,
A wanke hannu, ban da lalaci.

S da H sun riƙe hannun juna,
Sh, shimfiɗa, zo mu kwana.

T, tukunya, tana kan wuta,
Tana tafasa, ku yi nesa da ita.

T da S ma sun yi tarayya,
Suka ba mu Ts ta tsintsiya,
Mu share ɗaki, mu share zaure,
Har ƙurar da ke bayan ƙyaure.

U, ulu, a saƙa rigar sanyi,
W, wuƙa, wasa da ita ba a yi.

Y, yadi, a kai wa tela,
Ya ɗinka riga babu wahala.

'Y, 'yar tsana, ƙawar wasana,
Tare muke barci a kan gadona.

Z, zare, abokin allura,
Mun zo ƙarshe, babu saura!
Wa ya riƙe? Ya ɗaga hannu,
Ya faro daga A sannu-sannu.