Takardar Amincewa da Ajiye Aiki

Ofishin Babban Manaja,
Masana'antar Sarrafa Shinkafa,
Rukunin Masana'antu na Sharaɗa, Kano.
Litinin, 6 ga Oktoba, 2025.

Zuwa ga Malam Nura,
Babban Akanta.

Assalamu alaikum.

Takardarka ta ranar 30 ga Satumba ta iso hannuna, wadda ka sanar da ajiye aiki tare da ba da wa'adin wata guda. Na kai ta gaban Alhaji Shugaba mun tattauna, kuma kamfani ya amince. Ranarka ta ƙarshe a wurin aiki ita ce Juma'a, 31 ga Oktoba, 2025. Wa'adin da ka bayar ya cika abin da Dokar Ƙwadago ta tanada ga wanda ya kai shekara biyar a bakin aiki, don haka babu abin da za a cire maka a madadinsa.

Ba a son ranmu muka amince ba, wannan ka sani. Amma dalilinka na komawa Zariya kusa da mahaifiyarka ba abin da za a ja da shi ba ne. Allah Ya ba ta lafiya, Ya saka maka.

Ka zo mana a Maris ɗin 2018, lokacin da lissafin shanshera yake cikin littattafai uku da ba sa jituwa da juna: na mai sikeli daban, na sito daban, na kashiya daban. Kai ka tsaya a kan cewa ba za a biya ko buhu ɗaya ba sai takardar sikeli da ta sito sun zo a maƙale, kuma ka sha baƙin jini a kai kafin mutane su gane amfaninsa. Yau ko dillali ya zo da gardama, minti biyar ta isa a buɗe masa fayil ya gani da idonsa. Abin da ya fi tsaya min a rai kuwa shi ne farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira. Manoman Kura da Bunkure suka cika bakin ƙofa, da yawansu ba su da asusun banki, ga shi ba mu da tsabar kuɗin ba su. Ka zauna a benci a cikinsu da biro, kana cike musu fom ɗaya bayan ɗaya, kana kiran ma'aikacin banki a waya har bayan magariba. Ba aikin akanta ba ne, babu wanda ya sa ka. Har yau wasu daga cikinsu idan sun kawo kaya sunanka suke fara tambaya. Kamfani ya gode, ni ma na gode.

Batun miƙa aiki. Malama Rahila, mataimakiyarka, ita za ta riƙe ofishin na wucin gadi, kuma daga gobe Talata ta dawo teburinka ta zauna da kai. Ina so wannan watan ita ta riƙa yin aikin da hannunta kana dubawa, domin kallo ba ya koya wa mutum rufe lissafin wata. Harajin albashin Satumba ya shiga asusun Hukumar Tara Haraji ta Jihar Kano kafin 10 ga wata, bayanan harajin kayayyaki kuma su tafi Hukumar Tara Haraji ta Ƙasa kafin 21. Na Oktoba zai faɗo a Nuwamba bayan tafiyarka, shi ya sa nake so ta bi hanyar sau ɗaya kana kusa.

Ranar Asabar, 25 ga wata, za a tsayar da injin a ƙirga kayan sito: shanshera, gyararriyar shinkafa, karyayya, dusa, buhunan da ba a yi amfani da su ba, da man dizal na tanki. Kai da mai kula da sito da Malama Rahila za ku sa hannu a takarda ɗaya. Na san lokacin kaka ne, motoci za su yi layi a waje, amma gara a yi asarar yini guda da a zo daga baya ana cewa wane ne ya bar giɓi.

Inda na fi so ka ba lokaci shi ne bashin da muke bin diloli na Kasuwar Singa da Dawanau. Akwai yarjejeniyoyi da dama da aka yi da baki, waɗanda kai kaɗai ka san yadda suke: wanda aka ɗaga wa ƙafa zuwa ƙarshen shekara, wanda ya dawo da kaya ba a rage masa ba tukuna, wanda yake biya ta asusun ƙaninsa. Ka rubuta duka, kowane dila da shafinsa, sannan ku je da Malama Rahila shagonsu ɗaya bayan ɗaya, a karanta masa abin da ake bin sa ya sa hannu a gabanka. Haka ma kuɗin direbobi da na manoman da ba a kammala biya ba. Wannan kariya ce gare ka kafin ta zama kariya ga kamfani. Ba na son bayan wata uku wani ya ce ai ya ba Malam Nura a hannu, alhali kana Zariya ba ka nan balle ka kare kanka.

Daidaita lissafin asusunmu biyu da bayanan banki ya kai har 31 ga wata. A ranar za ka miƙa littattafan cek, da tokin ɗin banki, da makullin sef, da hatimi, da kwamfuta da katin shaidar aiki, a rubuce, ni da Malama Rahila muna shaida. Zan rubuta wa bankunan su cire sunanka daga masu sa hannu daga wannan rana, kuma za a sauya duk lambobin sirri. Kada ka ɗauki wannan da wata manufa. Ƙa'idar da kai ka rubuta mana ce.

Haƙƙoƙinka kuwa ga yadda suke. Albashin Oktoba cikakke, ₦440,000. Hutun shekara da ba ka ci ba kwana 9 ne, a kan ₦20,000 kowace ranar aiki, ya kama ₦180,000. Giratuti bisa tsarin kamfani, wato tushen albashin wata guda, ₦220,000, a kan kowace cikakkiyar shekara. Shekara 7 ta ba da ₦1,540,000. Jimla ₦2,160,000.

Daga ciki za a cire kasonka na fansho, kashi 8 cikin ɗari na tushen albashi da alawus ɗin gida da na sufuri, wato ₦28,000, da ragowar rancen gyaran mota ₦150,000. Abin da ya rage ₦1,982,000 ne kafin haraji, kuma adadin harajin zai fito a takardar biya. Kamfani zai zuba nasa kashi 10, ₦35,000, tare da naka a asusun fanshonka cikin kwanakin aiki bakwai da biyan albashi, kamar yadda dokar fansho ta 2014 ta ce. Asusun naka ne, lambarsa kawai za ka ba duk inda ka kama sabon aiki. Ajiyarka ta ƙungiyar taimakon juna ta ma'aikata ba ta cikin wannan lissafi, ka ga sakatarensu.

Malama Rahila ce za ta shirya baucan, ni in sa hannu, tunda mutum ba ya biyan kansa. Albashi zai shiga tare da na kowa, sauran kuma ranar Juma'a, 7 ga Nuwamba, bayan an kammala miƙa aiki. Ka duba alƙaluman nan da kyau. Idan ka ga kuskure ka sanar da ni kafin 17 ga wata.

Roƙo ɗaya nake da shi. Odita zai zo a farkon shekara, kuma wata goma na lissafin 2025 aikinka ne. Idan tambaya ta taso muka kira, ka taimaka mana da amsa. In ta kai sai ka zo Kano, kuɗin mota da na yininka suna kanmu.

Takardar shaidar aiki tana nan zan rubuta da kaina, duk wanda kuma ya nemi jin halinka ka ba shi lambata. Ma'aikata sun shirya ɗan zaman bankwana ranar Alhamis, 30 ga wata, bayan la'asar. Ka sa hannu a kwafi ɗaya na wannan takarda ka dawo min da shi.

Allah Ya sa albarka a abin da za ka tarar, Ya bar zumunci. Ka gaida Hajiya da iyali.

Naka,
Alhaji Kabiru,
Babban Manaja.

Kwafi: Alhaji Shugaba, Malama Rahila, fayil ɗin ma'aikaci.