Lissafin Kayan Gyara na Sito: Janareta da Injinan Shagon Ƙofofi

Ƙidayar ƙarshen Nuwamba, daga mai kula da sito zuwa ga Maigida da shugabannin aiki.

Ba da tsada aka jera kayan nan ba. Abu biyu aka duba: in kayan ya lalace babu madadinsa a sito, mutum nawa ne a cikinmu 14 za su zauna, kuma sai yaushe za a samo shi. Shi ya sa bel ya hau saman kayan da suka ninka shi kuɗi.

RUKUNI NA 1: In babu, an rufe shago

Duk na janareta ne, Perkins 1103A mai 60 kVA, domin wutar layi ba ta ɗaukar mana yini guda na walda.

Filtar mai: akwai 1, ya kamata a ce 4. Ita ce kan gaba. Dizal ɗin da muke samu yakan zo da ruwa da datti, in ta toshe sai injin ya riƙa shaƙewa da zarar an kunna walda biyu, daga nan ya mutu. A riƙa tsiyaye ruwan da ke taruwa a ƙasanta kowace safiya.

Bel na fanka: babu ko ɗaya. Wanda ke jiki ya fara tsattsagewa ta ciki, na juya shi na gani. Shi ke juya fanka da cajin batir, in ya tsinke injin zai yi zafi nan take. Maigida, don Allah a sayo 2 a makon nan.

AVR SX460: akwai 1, kuma dole ya zauna a haka. Shi ke daidaita ƙarfin wuta. In ya ƙone, injin zai yi ta ruri lafiya lau amma babu wutar kirki. Akwai jabunsa a kasuwa, kuma samun na gaske kan ɗauki kwanaki in sai an aiko daga Legas. Kada kowa ya buɗe ledarsa sai mai gyaran wuta.

Filtar iska: akwai 1, a ƙaro 2. Hunturu ya kama, ƙura ta ninka. A daina buga ta a bango don kakkaɓewa, takardar tana yagewa, ƙura ta wuce cikin injin.

Filtar baƙin mai 2, baƙin mai 15W-40 lita 20. Ya isa juye biyu, muna juyewa duk awa 250.

Sai solenoyid na mai 1, tiyon lagireto na sama da na ƙasa ɗai-ɗai, kan batir 4. Batir 12V ba ma ajiyewa, zama yana kashe shi, kuma ana samu cikin awa guda.

RUKUNI NA 2: Sashe guda ya tsaya, sauran su biyo baya

Injin yankan ƙarfe na inci 14 ɗaya tak muke da shi, kuma duk ƙofa daga gare shi take farawa. In ya tsaya da safe, kafin azahar masu walda sun cinye abin da aka yanka. Gawayin motarsa: biyu-biyu sau 2. Makunni: babu, a sayo 1. Faifan yanka: 11, kada ya yi ƙasa da 10.

Kwamfuresan fenti: bel 1, kafasito 1, makunnin matsin iska babu. Tsayuwarsa ba ta hana walda, amma ƙofar da ba fenti ba ta fita, kuɗi kuma ba ya shigowa.

Babban allon wuta: kwantakta 1, bireka mai layi uku 1.

RUKUNI NA 3: Aiki ya ragu amma bai tsaya ba

Injinan walda uku ne, in ɗaya ya kwanta biyu na ja. Marikin ilaktirod 3, matsen ƙasa 2, kebul mita 15, gilashin fuska baƙi 6. Ilaktirod E6013: geji 12 kwali 5, geji 10 kwali 2.

Giranda huɗu: gawayi biyu-biyu sau 6, amecha 1. Gawayi ne ke cinye mana amecha, saboda yara suna ci gaba da aiki ko da wuta tana tartsatsi ta ramukan iska. Da an ga haka a kashe a kawo.

Boris 6203 guda 4, 6205 guda 2.

RUKUNI NA 4: A saya in buƙata ta taso

Kan injin huda, ƙusoshi da noti, giris, tayar amalanke. Duk ana samu a kasuwar Ƙofar Ruwa rana ɗaya, ba sai an daskarar da kuɗi a kansu ba. Nozul da famfon mai na janareta ma ba ma ajiyewa duk da girman aikinsu, domin sai an kai wa masu saiti, kuma sukan yi gargaɗi da hayaƙi da wuyar tashi tun kafin su mutu.

Dokar sito: wanda ya ɗauki kayan Rukuni na 1 ya rubuta a littafi ya kawo tsohon, a ranar zan rubuta takardar saye. Sayayyar makon nan bisa jeri: bel na fanka 2, filtar mai 3, filtar iska 2, makunnin injin yanka 1, makunnin matsin iska 1.