Kafin ka latsa, kafin ka tura: tambayoyin da za ka yi wa kanka

Kusan kullum sai wani ya miƙo min waya a shagona na POS yana cewa, "Malam, duba min, wannan gaskiya ne?" Ba koyaushe nake kusa ba, shi ya sa na rubuta wannan. Idan saƙo ya shigo ka rasa gane na gaske ne ko na 'yan damfara, dakata ka yi wa kanka waɗannan tambayoyin.

Ina jiran wannan saƙon? Ka cike fom ɗin neman tallafi? Ka shiga wata gasa? Idan ba ka nema ba, wa ya san da kai har ya ware maka naira dubu 50? Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Me ake so in bayar? Nan ne ya fi muhimmanci. Lambar asusunka mai lamba 10 da sunan bankinka sun isa a turo maka kuɗi, ba a buƙatar komai bayansu. Amma lambar sirrin katinka, da lambobin da ke gaban katin, da ukun nan na bayansa, da OTP, wato lambobin amfani sau ɗaya da banki ke turowa wayarka, duk na fitar da kuɗi ne. Babu ma'aikacin bankin da zai kira ka ya nemi ɗaya daga cikinsu. Kada ya ruɗe ka don ya faɗi cikakken sunanka, ko ya karanto maka BVN ɗinka mai lamba 11 daidai. Sanin wannan bai mai da shi ma'aikacin banki ba. A watan jiya wata baiwar Allah mai sayar da awara ta zo nan tana kuka. An kira ta da muryar ladabi, "Hajiya, za a rufe asusunki yau," ta karanto lambobi shida da suka shigo wayarta, kafin ta ajiye waya naira 47,000 sun fita. Kuɗin adashinta ne. Haka lambar nan shida ta WhatsApp: duk wanda ya ce ya tura maka ita bisa kuskure, ko ta shiga taron ƙungiya ce, WhatsApp ɗinka yake son ƙwacewa.

Me ya sa ake gaggauta ni? "Cikin awa ɗaya," "yau ne ƙarshe," "kada ka gaya wa kowa." Wanda ya hana ka shawara ya san idan ka yi shawara asirinsa zai tonu.

An ce in biya kafin in karɓa? Kuɗin rajista, kuɗin fom na aikin gwamnati, kuɗin fito da kaya, kuɗin riƙe kujerar Hajji mai rahusa. Mai ba ka kyauta ba ya cewa fara kawo naka.

Da gaske shi ne? Hoton ɗan'uwanka da sunansa ba shaida ba ne, kowa na iya ɗauka. Idan "Yaya" ya rubuto daga sabuwar lamba yana neman rance, ko ma daga tsohuwar tasa ce amma ya ce tura wa wani asusu, kira shi ka ji muryarsa. In ya ce ba zai iya ɗagawa ba, tambaye shi abin da ku biyu kaɗai kuka sani. Sannan dubi sunan da ya fito a kan asusun kafin ka sa lambar sirri. Sunan wa ka gani?

Ina adireshin intanet da ke cikin saƙon zai kai ni? Yawancin shafukan hukumomin gwamnatin Najeriya da .gov.ng suke ƙarewa. Wanda aka ce na gwamnati ne amma ya ƙare da wani abu daban, ko aka ce sai ka tura wa mutum goma kafin ya buɗe, bar shi.

Kuɗin sun shigo kuwa? Wannan na 'yan kasuwa ne. Alat na bogi yana zuwa kamar na gaske, rasit ɗin da aka nuna maka a waya ma ana haɗa shi. Duba abin da ke asusunka da kanka kafin kaya su bar shago. Wanda ya ce ya turo maka kuɗi bisa kuskure, ka mayar, shi ma haka. In ma sun shigo, bari banki ya mayar.

In ka gama har yanzu zuciyarka na wasiwasi, kada ka kira lambar da ke cikin saƙon. Juya katinka, kira lambar bankin da ke bayansa, ko ka je reshe da ƙafarka. In kuwa ka riga ka ba da lambobin, kada kunya ta sa ka jira gari ya waye: sa a toshe katin da asusun nan take, sannan ka adana saƙon da lambar da ta kira ka, za a tambaye ka su wajen kai ƙorafi.