Darasin Kemistiri na Asabar: Yaushe sauyi ke faruwa da kansa?

Ga ɗaliban aji biyu na babbar sakandare da ke zuwa darasin ƙarin haske a Tudun Wada, Kaduna. A karanta wannan takarda kafin mu haɗu, a zo da kalkuleta.

Idan muka ce sauyi yana faruwa da kansa, muna nufin da zarar ya samu hanya zai ci gaba ba tare da ana tura shi daga waje ba. Ba sauri ake nufi ba. Kwano yakan daɗe kafin ya yi tsatsa, amma da kansa yake yi. Fetur ma ƙonewarsa ta kansa ce, duk da cewa sai filogi ya ba da tartsatsi. Abin da ke yanke hukunci shi ne wannan lissafi, wanda ke ɗauke da sunan Josiah Willard Gibbs, masanin Amurka da ya fitar da aikinsa a kai a shekarun 1870:

ΔG = ΔH − TΔS

ΔH sauyin entalfi ne. Idan yana da alamar ragi (−), sauyin na fitar da zafi. Idan alamar tarawa (+) ce, yana shan zafi. ΔS sauyin entirofi ne, wato yadda ƙwayoyi da makamashinsu ke ƙara watsuwa ko takurewa. Daskararre ya narke, ruwa ya zama tururi, ko yawan mol na gas ya ƙaru, to ΔS tarawa ce. T kuwa matakin zafi ne a ma'aunin Kelbin, kuma ba ya taɓa sauka ƙasa da sifili. Ku riƙe wannan da kyau, domin shi ya sa alamar TΔS kullum take bin alamar ΔS. Idan ΔG ya fito da ragi, sauyin na faruwa da kansa. Idan tarawa ce, akasinsa ne ke faruwa da kansa. Idan sifili ne, an daidaita.

Akwai hali biyu da ba sa buƙatar kalkuleta. Na farko, ΔH ragi, ΔS tarawa. Ragi ne aka sake rage masa wani abu, don haka ΔG ragi ne ko da sanyi ko da zafi. Misali 2H₂O₂ → 2H₂O + O₂, ruwan nan na wanke ciwo da ke kumfa: yana fitar da zafi, kuma yana samar da gas. Na biyu, ΔH tarawa, ΔS ragi, kamar 3O₂ → 2O₃. Yana shan zafi, mol uku na gas kuma sun koma biyu. Babu matakin zafin da zai sa ya faru da kansa; sai an ɗura masa makamashi daga waje, irin na walƙiya.

Aiki yana inda alamomin biyu suka zama iri ɗaya. A nan ja-in-ja ake yi tsakanin ΔH da TΔS, kuma T ne ke ƙara wa ɓangare na biyu ƙarfi. Da sanyi maganar ΔH ake ji, da zafi kuma ta TΔS. Saboda haka idan duka biyun tarawa ne, sauyin sai a sama da wani matakin zafi. Idan duka ragi ne, sai a ƙasa da wani mataki. Ban so ku haddace wannan kamar waƙa. Ku rubuta lissafin, ku tambayi kanku wane ɓangare ne ke girma idan T ya hau.

A daidai inda al'amarin ke juyawa ΔG = 0, don haka:

T = ΔH / ΔS

Mu gwada da abin da muka riga muka san amsarsa. Narkewar ƙanƙara tana da ΔH = +6.01 kJ/mol da ΔS = +22.0 J/(mol·K). Ku lura, ɗaya kilojul ne, ɗaya jul. A nan ne mafi yawan maki ke zubewa a jarrabawa. Sai a mayar da 6.01 kJ zuwa 6010 J, a raba da 22.0, a samu 273 K, wato 0 °C. Sama da haka ƙanƙara na narkewa da kanta, shi ya sa mai kunun aya a Kasuwar Barci ke rufe kularsa ruf. Wanda ya manta bai daidaita ma'aunan ba, 0.273 K zai samu. Duk wanda ya ga irin wannan amsa ya kamata jikinsa ya ba shi cewa da matsala.

Yanzu babban misalinmu, gasa dutsen farar ƙasa, matakin da dole a bi a masana'antun siminti irin na Sakkwato da Ashaka:

CaCO₃(s) → CaO(s) + CO₂(g), ΔH = +178 kJ/mol, ΔS = +161 J/(mol·K)

Tun kafin a ba ka lambobi za ka iya hasashen alamar ΔS: daskararre ya haifar da gas. Duka biyun tarawa ne, ke nan muna sa ran sai da zafi. A 298 K, TΔS = 298 × 0.161 = 48 kJ/mol, sai ΔG = 178 − 48 = +130 kJ/mol. Dutsen zai zauna yadda yake. Inda zai juya shi ne T = 178000 / 161 = 1106 K, cire 273, kusan 833 °C. Kada ka tsaya a lambar kawai, ka cika amsarka: sauyin na faruwa da kansa a sama da 1106 K. Tabbatar da 1200 K: 178 − 193.2 = −15.2 kJ/mol. Ragi ne, daidai.

A aikace wajen 900 °C ake gasa dutsen. Bambancin ya zo ne domin mun ɗauka ΔH da ΔS ba sa canzawa da zafi, alhali an auna su a 298 K kuma suna ɗan gusawa. Ƙiyasi ne mai kyau, kuma shi ake nema a matakinku.

Ɗaya gefen kuma, haɗa amoniya da ake takin zamani da ita:

N₂(g) + 3H₂(g) → 2NH₃(g), ΔH = −92 kJ, ΔS = −199 J/K

Mol huɗu na gas sun koma biyu. T = 92000 / 199 = 462 K, kusan 189 °C, kuma wannan karon a ƙasa da shi ne sauyin ke faruwa da kansa. Ɗalibi mai lura zai ce, Malam, ai littafi ya ce tsarin Haber a wajen 450 °C ake yi. Gaskiya ne. Da sanyi sauyin na da jinkiri matuƙa, shi ya sa ake ƙara zafi, a sa ƙarfe ya hanzarta shi, a matse gas ɗin ninki kusan 200 na matsin iska, ana kuma kwashe amoniyar da ta samu. Lambobinmu na yanayin ma'auni ne, matsi 1 bar. Idan an sauya matsi, matakin juyawar ma ya gusa. A nan Kaduna, da yake muna kan tudu, ruwa na tafasa a wajen 98 °C, ba 100 ba.

Aikin gida, a kawo a takarda daban ranar Asabar da ƙarfe goma:

1. Tafasar ruwa: ΔH = +40.7 kJ/mol, ΔS = +109 J/(mol·K). Nemo T a Kelbin da °C.
2. N₂O₄(g) → 2NO₂(g): ΔH = +57 kJ, ΔS = +176 J/K. Faɗi alamar ΔS daga lissafin sinadaran kaɗai tukuna, sannan ka nemo inda yake juyawa. A rana mai zafin 35 °C irin ta watan Maris, alamar ΔG mece ce?
3. Wani sauyi na da ΔH = −196 kJ da ΔS = +126 J/K. Raba su, ka dubi alamar amsar, ka yi bayani a layi biyu me ya sa babu matakin juyawa.

Wanda ya kawo lamba ba tare da ya rubuta "sama da" ko "ƙasa da" ba a tambaya ta 1 da ta 2, rabin maki zai samu.